Bayanin gyaran sabunta rahoto bayan mun koma sabuwar kwamfuta

Salam 'yan uwa. Alhamdulillah rahoton safe ya dawo daidai, yau ƙarfe 6 ya sabunta da kansa ba wanda ya taɓa shi. Ina rubuta wannan tun abin na kaina, don kwana 3 na yi ina fama, kuma duk wahalar dalilinta ɗaya ne, foldar sikirif kawai muka kwafo, abubuwan da yake tsaye a kansu suna cikin tsohuwar kwamfuta kuma babu inda aka taɓa rubuta su.

Aikin dai kun san shi: sikirif na Python yana ɗebo data daga sabar, ya zuba a fayil ɗin Excel da ke foldar da muke rabawa, Task Scheduler ne ke tayar da shi kullum.

Farko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Foldar venv da aka kwafo tana neman Python a inda yake a tsohuwar kwamfuta, ba a kwafar ta haka, sabuwa ake haɗawa. Sa'ar da muka yi ba a goge tsohuwar ba tukuna, na kunna ta na ciro sunayen fakitocin sannan na girka su a nan:

```
pip freeze > requirements.txt
python -m venv venv
venv\Scripts\pip install -r requirements.txt
```

Layin farko a tsohuwar, cikin venv ɗinta, sauran biyun a sabuwar.

Daga nan sai maganar sabar. Ya fito da IM002, wato bai ga direban ODBC ba. Na sauko da ODBC Driver 18 for SQL Server, sai kuma ya koma ƙorafin satifiket, ashe tsohuwar 17 take amfani da shi, shi kuwa 18 yana zuwa ne da Encrypt a kunne, kuma satifiket ɗin sabar ɗinmu na cikin gida ne kwamfutar ba ta yarda da shi ba. Ana iya saka TrustServerCertificate=yes a wuce wurin amma ni gaskiya ban so haka ba, toshe baki ne kawai, na roƙi masu kula da sabar suka ba ni satifiket ɗin na girka.

Wanda ya fi cin raina shi ne na ƙarshe. In na tayar da shi da hannu lafiya lau, in Task Scheduler ya tayar sai in tarar da lambar kuskure 0x1 da safe, fayil na nan da ranar jiya. Abu biyu ne. Akwatin Start in babu komai a ciki, don haka sikirif ba ya ganin fayil ɗin saitinsa. Sannan a cikin sikirif an rubuta Z: ne a matsayin hanyar foldar da muke rabawa, shi kuma aikin an sa shi a Run whether user is logged on or not, a wannan yanayin harafin Z: babu shi sam. Na maye shi da cikakkiyar hanyar folda mai farawa da \\ shikenan ya wuce.

To ga abin da ya dogara da su, na zuba su a fayil ɗin README cikin foldar, don Allah duk wanda ya canza wani abu ya gyara a can:

Sigar Python da requirements.txt, har da openpyxl, don in babu shi pandas ba zai rubuta fayil ɗin Excel ba kamar yadda muka tsara.

Direban ODBC, lambarsa da kuma 64-bit ne, dole ya dace da Python ɗin. Tare da sunan sabar, sunan rumbun data da satifiket.

Asusun da aikin ke gudana da shi da izinin da yake da shi a sabar da folda. Kalmar sirri kar a rubuta ta a README, a rubuta wa ke riƙe da ita da lokacin da take ƙarewa, don ranar da aka canza ta dole a sake shigar da ita a Task Scheduler in ba haka ba aikin zai tsaya shiru.

Shi kansa aikin na fitar da shi na ajiye:

```
schtasks /query /tn "SabuntaRahoto" /xml > aiki.xml
```

Saitin wuta ma, kar kwamfutar ta yi barci da dare. Da tsarin kwanan wata, sabuwar ta zo da wata kafin rana, Excel ya karanta 03/04 a juye, na mayar.

Abu ɗaya ya rage, har yanzu in aikin ya faɗi ba mai sani sai an buɗe rahoto. Gobe in sha Allah zan sa ya riƙa turo saƙo. Oga don Allah kar a goge tsohuwar kwamfutar sai rahoton ƙarshen wata ya fita, shi ban gwada shi ba tukuna.