Hajiya Wuta Ba Ta Fito Aiki Ba

Birni ya tashi tun da asuba,
hon, gosulo, kowa na gudun neman na kansa,
ma'aikaciya ɗaya ce ba ta fito ba,
Hajiya Wuta, wai tana can tana hutawa.

In ta ga dama ta leƙo ƙarfe biyun dare,
lokacin tela ya yi barci, mai walda ya rufe,
sai ka ga magidanci da gajeren wando ya miƙe
yana guga yana caji yana jan ruwa zuwa tanki duk lokaci guda ido a lumshe,
kafin dutsen guga ya gama zafi ta tsere.
Hannun riga ɗaya a goge, ɗaya a yamutse,
haka zai shiga ofis da safe
kuma ba mai masa dariya, don kowa haka tasa rigar take.

Wataran ta zo amma ta bar rabinta a gida,
ƙarfin volt 230 aka rubuta, a takarda dai ta cika,
kwan fitila ya yi ja, sai ka haska tocila ka duba ko a kunne yake ma,
fanka na juyi kana ƙirga fukafukanta, ɗaya, biyu, uku, ta tsaya.
Wataran kuma da fushi take shigowa,
ta ƙona talabijin, ta haɗa da firij da caja,
je ka kai ƙara mana, in ka san wurin kaiwa.

Uzuri kuwa ba ya ƙarewa wallahi.
Da rani, ruwan dam ya ja baya, a yi haƙuri.
Da damina, iska ta kayar da turke, a yi haƙuri.
Tsakani kuma babu gas, ko babban layin ƙasa ya faɗi,
ya faɗi ya tashi ya kuma faɗi,
ni dai ban ga wanda aka kora ba a kan faɗuwar nan tukuna, sai haƙuri.
Hadari ya haɗu kawai, ko ɗigo bai sauka ba,
sun ɗauke. Su a nan ne kaɗai ba sa latti.

Transfoma ta buga, wata uku unguwa shiru.
Aka bi gida gida karo-karo, masu shi da marasa shi duk suka haɗu,
mu sayi waya, mu sayi mai, mu sallami mai hawa,
ranar da ta tashi sai ga takarda: kayan kamfani ne, kar wanda ya taɓa.
To madalla.

Magariba ta yi, injuna sun karɓi gari,
na maƙwabci a jikin tagata yake tari,
shi ke shan fanka, ni ke shan hayaƙi,
sauro na waƙa a kunnen hagu, janareta a na dama, barci sai dai a labari.
Mai aski ya tsaya da rabin kan mutum, mai ya ƙare,
kwastoma ya ja hula ya ce ba komai, gobe ma rana ce.

Ku yi dariya, amma ku dakata kaɗan.
Nas na ɗinkin rauni da fitilar waya a baki,
maganin da ke son sanyi ya lalace a firij tun jiya,
can bayan layi wasu sun shigar da inji cikin gida don tsoron ɓarayi,
suka rufe ƙofa da taga suka kwanta,
da safe ba wanda ya tashi.
Wannan ba a sa shi cikin bil ba.

Manya kuma sun kira babban taro kan matsalar lantarki,
otal ya cika, ana ta megawat kaza megawat kaza, ana tafi,
tsakiyar jawabi aka ɗauke, ɗif,
kafin a ce kwabo injin otal ya tashi, mai girma ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai ma lura ba.
Ina zai lura? Rufin gidansa duk sola ne, batir cike da ɗaki.
Zaɓe na zuwa, zai sake mana alkawarin awa 24,
mu kuma mu kalle shi a waya mai caji kashi 4.

Abin da ya fi ci min rai ma mu ne.
A bar mu kwana uku a duhu, a kawo ta minti goma,
unguwa ta ɗauki ihu, sun kawo! sun kawo! yara na tsalle, tsofaffi na sa albarka,
sai ka ce sadaka aka ba mu, ba kuɗinmu ba ne.

Shi dai bil ba ya ciwo, ba ya hutu, transfomarsa ba ta bugawa,
ƙarshen wata yana bakin ƙofa kafin albashi ya shiga.
Marar mita a yi masa ƙiyasi, su suka san nawa duhu ke ci a wata.
Jiya ga su da tsani da filaya, wai sun zo yanka,
na ce sannunku da aiki, bari in riƙe muku tsanin,
hau abinka malam, ko safar hannu kar ka sa,
wayar nan mun fi sati muna shanya a kanta.