Barka da sa rana, Jidda

Assalamu alaikum, Jiddata.

Alhamdulillahi! Barka da arziki, ƙawata. Allah ya sanya alheri, ya sa a yi da mu, ya nuna mana ranar da rai da lafiya. Tun da Yaya Binta ta kira ni jiya da la'asar ta ce baƙin Zariya sun zo sun tafi, an tsayar da Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, bakina ya ƙi rufuwa. Na kira ki ban same ki ba, na kuma san dalili: kina ƙuryar ɗakin Umma, kunya ta hana ki leƙo ko tsakar gida. Shi ya sa na ce bari in rubuto, ki karanta a tsanake idan gida ya yi shiru.

Yaya Binta ba ta rage mini komai ba. Ta ce motoci biyu suka yo, da baffannin angonki Mukhtar da kawunsa da limamin unguwarsu, sun kamo hanya tun da hantsi, suka yi azahar a masallacinku na Gwammaja, sannan aka yi musu iso zauren Baffa Sani. Sun zo da goro da alewa da dabino har da cingam na yara, an raba gida-gida, har maƙwabtan bayan layi sun samu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda maganar ta gudana. Wai da aka zo kan sadaki, Baffa cewa ya yi su kawo abin da ya sawwaƙa, su albarka suke nema wa 'yarsu. Shi kuma babban baffan Mukhtar ya ce ai tunda an girmama su haka, ba za su yi abin da zai sa a ji kunya ba. Da aka zo tsayar da rana ma kowane ɓangare turawa ɗaya yake yi, ku zaɓa, a'a ku dai ku zaɓa, har sai da liman ya raba gardama. Wallahi da na ji haka sai da hawaye ya zubo mini. Sau nawa muka ga maganar aure ta tsaya cak a kan lefe ko kayan ɗaki? Ke kuwa Allah ya haɗa ki da gidaje biyu da kowanne ke rige-rigen sauƙaƙa wa ɗan'uwansa.

Ki gaishe mini da Abba da Umma, ki ce ina taya su murna, don wannan ranar tasu ce kafin ta zama taki. Ba a banza mutane suka taso tun daga Zariya suna neman iri a gidanku ba. Sun yi bincike, kamar yadda aka saba, kuma duk wanda suka tambaya a unguwa abu ɗaya ya faɗa musu. Ni shaida ce. Shekarun da muka yi muna karatu a Bayero, gidanku ne gidana. Umma ba ta taɓa zuba miki abinci ta manta da ni ba, kuma faɗan da take yi miki a kan sallar asuba shi take yi mini, ba bambanci. Abba kuwa ya tsaya kai da fata sai kin gama karatunki, bai kuma taɓa matsa miki a kan wani ba, addu'a kawai yake yi yana cewa lokaci ne. Ga lokacin ya zo, ya kuma zo da mutumin kirki.

Mukhtar dai kin fi ni saninsa, amma bari in faɗi abin da na gani. Lokacin da Umma ta kwanta asibiti bara, duk ƙarshen mako sai ya zo dubiya. Ya gaishe ta daga bakin ƙofa a durƙushe, ya ajiye abin da ya kawo, ya koma waje wurin su Yaya Auwal ya zauna, ba ya neman a gan shi balle a yaba masa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku, ku aura masa. Su Abba sun duba waɗannan biyun sun gamsu, ke ma kin yi istihara hankalinki ya kwanta. Me ya rage in ba godiya ba?

Kuma irin wannan hali ba daga sama yake faɗowa ba, daga gida ake tasowa da shi. Hajiyarsa ta cancanci a jinjina mata. Mace ce da ta riƙe marayu biyar bayan rasuwar mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, da koyarwa da 'yar sana'arta ta cikin gida, har kowa ya zama mutum. Baffanninsu ma ba su yar da su ba, ga shi jiya su ne a gaba. Na ji an ce ta aiko miki da turmin atamfa da turare na musamman ban da kayan da aka kawo, ta ce a faɗa miki ita 'ya ta samu. Jidda, ki riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Ki shiga gidan nan da zuciya ɗaya, ki ɗauke ta uwa, ki ja ƙannensa a jiki. Ranar da aka yi miki abin da ba ki gane ba, ki fara kyautata zato, domin kowane gida da irin tsarinsa, kuma su ma za su yi ta koyon halinki ne kamar yadda za ki koyi nasu.

Na san kina tunanin barin Kano. Umma ma na san tana yi, ko ba ta faɗa ba. To Zariya ai ba nisa, mota ɗaya ce daga Unguwa Uku, a je a dawo a yini. Sai dai ki shirya wa tsokana, tunda Bakanuwa za ta shiga hannun Zage-zagi. Wasan nan ya girme mu duka, kuma yana da daɗi a ce dangin miji abokan wasanka ne tun kafin a fara. Yaya Binta ta ce tun jiya aka soma a zaure, har Baffa Sani yana dariya da hawaye.

Na ji daɗi da kuka riga kuka yi gwajin jini tun kafin magana ta kai ga manya, sakamako kuma ya yi kyau. Wannan ma wata ni'ima ce.

Sai maganar aiki. Na riga na nemi hutu, in sha Allahu zan baro Sakkwato mako guda kafin biki, ina nan tun daga kamu da sa lalle har kai amarya da buɗar kai. Ankon ƙawaye ki bar mini shi. Zan yi magana da Maryam mu shiga Kantin Kwari mu zaɓo mai kyau wanda kowa zai iya saya, don kada wata ta ƙi zuwa saboda kuɗin atamfa. Jere ma da ni za a je. Ke dai abin da nake so da ke a watannin nan shi ne ki ci abinci, ki yi barci, ki yawaita zama kusa da Umma, ki bar mu da zirga-zirga.

Allah ya yi muku albarka, ya sanya albarka a kanku, ya haɗa ku cikin alheri. Ya sanya ƙauna da tausayi a tsakaninku, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya kau da idon maƙiya. Allah ya saka wa Abba da Umma da Hajiya da alheri, ya ja kwanansu su ga jikoki, ya ƙara danƙon zumunci tsakanin gidajen nan biyu.

Ki miƙa gaisuwata ga Baffa Sani da Gwaggo Rabi da su Yaya Auwal. Ki ce wa angon ina yi masa barka, ya kuma isar da gaisuwata wurin Hajiya. Mamana ma tana gaishe ku, ta ce za ta kira Umma da kanta gobe bayan magariba. A ajiye mini kasona na alewa.

Taki har kullum,
Safiya