Sanarwa Ga Malaman Motsa Jiki: Tsarin Darasi a Watan Azumi

Daga: Sashen Wasanni da Motsa Jiki
Zuwa ga: Malaman motsa jiki na ƙaramar sakandare da babba, da malamar jinya

Assalamu alaikum. Azumin bana ya faɗo cikin zafi, kuma ɗalibanmu za su yi sama da awa 13 ba ci ba sha. Ba za a soke darasi ba, domin zaman wata guda cur yana sa jiki ya mutu, bayan Sallah a yi ta fama da targaɗe. Abin da muke gudu shi ne gumi: duk ruwan da yaro ya zubar a fili da safe ba zai mayar da shi ba sai an sha ruwa. Tsarin zai fara aiki daga ranar 1 ga Ramadan.

Duk darasin fili zai koma tsakanin ƙarfe 8:00 da 10:00 na safe, lokacin da sahur bai gama barin jiki ba, rana kuma ba ta take ba. Ajin da darasinsa ke bayan haka ya yi musaya da wani malami. In musayar ta gagara, a yi darasin a aji: dokokin wasa, alƙalanci, taimakon gaggawa. Atisayen yamma na ƙungiyar ƙwallo ya tsaya. Ɗaliban kwana da ke son ƙwallo su buga bayan tarawihi a harabar da ke da fitila, kada ya wuce minti 30, da ruwa a gefe.

Darasin minti 40 zai kasance haka: minti 8 na ɗumama jiki da tafiya da miƙa, minti 20 na koyon dabara, minti 5 na sassauta jiki, sauran kuma canza kaya da hutu a inuwa. Minti 20 ɗin nan a yanka shi gida huɗu, aiki minti 3, hutu minti 2. Tura ƙwallo tsakanin mutum biyu, saita bugu, jifan raga, ƙwallon tebur, miƙa sandar gudun ba-ni-in-ba-ka cikin tafiya, duk sun isa. Ban da zagaye fili, tseren mita 100 zuwa sama, tsallen kwaɗo da cikakken wasa. Gwajin juriya da gasar gidaje sai bayan Sallah. Horo da tsallen kwaɗo ko durƙuso a rana kuwa, kada mu ji labarinsa.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Malami ya tambayi yaro wani abu yana cikin aiki. In ya amsa da cikakkiyar magana, lafiya. In sai ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma, an wuce iyaka. Kada a jira ya ce ya gaji. Samari musamman ba sa faɗa, don kada abokai su ce musu raggwaye.

A ƙara sassautawa a kwana uku na farko kafin jiki ya saba, da kuma goman ƙarshe, lokacin da tahajjud ke cinye barci. Yaron da bai yi barci ba ƙwallo na iya samunsa a fuska kafin ya ankara. Wanda ya makara bai yi sahur ba, sai ya riƙe usur ko ya rubuta maki.

Alamomin da za a tsayar da ɗalibi nan take: jiri, duhun ido, ciwon kai, ɗaurewar jijiyar ƙafa, tashin zuciya, tangaɗi. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa kan benci, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa kai da wuya, a yi masa fifita. In minti 10 ya wuce bai dawo daidai ba, ko yana amai, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a kira iyayensa. Shari'a ta yarda maras lafiya ya sha, ya rama daga baya. Wanda ya suma ko ya fara sambatu kada a ɗura masa komai, zai iya shaƙewa. A juya shi gefe, a ci gaba da jiƙa shi, a wuce asibiti.

Malamar jinya za ta ba kowane malami sunayen masu sikila, ciwon sukari da asma kafin Litinin. Mai sikila da ke azumi ba ya shiga aikin fili, domin ƙarancin ruwa yana tayar masa da ciwo. Mai asma kuwa maganin shaƙarsa ya kasance a aljihunsa.

Kada a tambayi ɗaliba a gaban jama'a ko tana azumi. Randar ruwa za ta ci gaba da zama bayan ɗakin ajiyar kayan wasa saboda ɗalibanmu Kiristoci da duk wanda ba ya azumi.

Shugaban Sashen Wasanni da Motsa Jiki