Takardar Ajiye Aiki Domin Tafiya Ƙarin Karatu

Ɗakin Awo da Haihuwa,
Cibiyar Lafiya ta Matakin Farko ta Mazaɓa.
Litinin, 28 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga
Shugaban Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Shugaban Asibiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne in sanar da kai cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a wannan asibiti. Ranar ƙarshe da zan yi a bakin aiki ita ce Lahadi, 31 ga Agusta, 2025, in Allah ya kai mu. Wannan takarda ita ce sanarwar wata guda da yarjejeniyar ɗaukata aiki ta tanada.

Dalili shi ne Allah ya sa na samu gurbin karatun digiri na aikin jinya a Jami'ar Bayero da ke Kano. Da shaidar jinyar da nake da ita na nema ta hukumar JAMB, don haka daga aji biyu zan fara, shekara huɗu ke nan a gabana. Da so samu ne, hutun karatu zan nema ba ajiye aiki ba. To amma ni ma'aikaciyar wucin gadi ce, ƙa'idar ba ta ba ni wannan damar ba, karatun kuma ba irin wanda ake haɗawa da kwanan asibiti ba ne. Na yi shawara da mahaifina da maigidana, na yi istihara, zuciyata ta kwanta a kan tafiyar.

Ina so in faɗa maka abin da ya sa na nemi karatun, don kada a ɗauka gajiya da ƙauye na yi. Shekara uku da wata biyar na yi a nan, ban taɓa neman a mayar da ni birni ba.

A daminar bara aka kawo mini wata baiwar Allah a amalanke wajen ƙarfe ɗaya na dare, haihuwarta ta shida. Ta sauka lafiya, mabiyiya ta fita, na yi mata allurar oksitosin kamar yadda aka koya mana, na juya ina gyara jaririya. Jini yana zuba, ni kuma ina ƙiyasta shi da ido, da zannuwan da uwar mijinta take canjawa. Na ce a raina bai kai na tashin hankali ba. Sai da ta ce mini, "Sista, ina ganin duhu," sannan na taɓa hannunta na ji ya yi sanyi ƙalau. Na murza mahaifa, na sa mata ruwa a hannu biyu, na ba ta misofrostol, Baba maigadi ya ruga ya taso mai mota. Kilomita 27 ne tsakaninmu da babban asibiti, amma da yake ruwa ya cinye hanya a fadama, sai da muka shafe kusan awa biyu, ina durƙushe a bayan mota hannuna a kan mararta, ƙanin mijinta yana riƙe da ledar ruwa da fitilar waya. An ƙara mata jini leda uku, ta rayu, yanzu haka yarinyar ta fara tafiya. Amma tambayar farko da likita ya yi mini a daren ita ce, jini nawa ta zubar, kuma tun ƙarfe nawa? Ban iya ba shi amsa ba. Na san a littafi an ce in ya kai mililita 500 an shiga haɗari, amma ban san yadda zan gane ya kai a jikin zanin atamfa cikin hasken tocila ba.

Bayan haka na shiga tambaya, sai na ji labarin binciken E-MOTIVE da aka fitar da sakamakonsa a 2023, wanda aka gudanar a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a gan shi da lamba, in ya kai iyaka a yi duk matakan ceto a lokaci ɗaya maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan. Da wannan kaɗai mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Na daɗe ina juya abin a raina. A Kano aka yi wani ɓangare na aikin, ni ina nan ina ƙirga zannuwa. Tun daga ranar na ƙudura cewa in Allah ya ba ni dama sai na je inda ake gano irin waɗannan abubuwa, in koyi yadda ake karanta bincike, da yadda ake koyar da na baya, da yadda ake tsara aikin ɗakin haihuwa don kada ran mace ya rataya a kan ƙiyasin mutum ɗaya da barci bai ishe shi ba.

Na san lokacin da zan tafi ba mai daɗi ba ne, kuma wannan ya fi komai damuna. Daga Agusta zuwa Oktoba ne zazzaɓin cizon sauro yake tsananta, barandarmu ta cika da yara masu zafin jiki da suma, tamowa kuma ta ƙaru saboda rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Shi ya sa roƙona na farko, ranka ya daɗe, shi ne a turo wadda za ta maye gurbina kafin in tafi, ko da mako biyu ne mu yi aiki tare. Ina roƙon ta kasance mace, mai shaidar unguwarzoma in da hali, kuma wadda za ta riƙa kwana a garin. Kai ka fi ni sanin mutanenmu: da yawa daga cikin magidanta ba za su bar matansu su zo awo ba in namiji ne a ɗakin, naƙuda kuma ba ta san ƙarfe huɗu na yamma ba. Da na zo, mata shida ko bakwai ke zuwa awo ranar Talata. Yanzu sukan haura talatin. Ba iyawata ce ta kawo su ba, ganin ƙofa a buɗe ne da fuskar da suka saba da ita. In aka rufe ɗakin wata biyu kawai, ina tsoron a koma haihuwa a gida a bayan ƙyaure, kuma dawo da su zai fi na farko wuya.

Game da miƙa aiki, na riga na fara. Rajistar awo da ta haihuwa da ta tazarar haihuwa duk na cike su har zuwa jiya, rahoton Yuli da na Agusta ni zan haɗa kafin in tafi. Zan ƙirga magunguna da kayan aiki tare da Shugaban Asibiti mu sa hannu mu biyu. Akwai mata goma sha ɗaya da ake sa ran za su haihu a Satumba, na ware katunansu a jan fayil. Uku daga ciki ina roƙon a sa musu ido sosai: biyu jininsu yana hawa, ƙafafunsu sun kumbura, ɗaya kuma yarinya ce mai cikin fari, ƙaramin jiki gare ta. Na zauna da mazajensu a gaban mai unguwa, sun amince a kai su babban asibiti tun kafin naƙuda ta kankama. A tuna musu, don alkawarin da aka yi a Yuli yakan yi sanyi kafin Satumba. Magnesiyam salfet na masu jijjiga yana cikin ƙaramin akwati a saman kabad, na manna takardar yadda ake bayar da shi a jikin murfin.

Firjin sola yana aiki, amma in an kwana biyu ana hadari zafin cikinsa yakan so ya haura. A riƙa duba ma'aunin safe da yamma, kada ya fita daga digiri 2 zuwa 8, domin alluran rigakafi da oksitosin duk a kansa suka dogara. Farantan solar kuma ƙura da kashin tsuntsu suna rufe su, Baba maigadi yana goge su duk Juma'a ba tare da kowa ya sa shi ba. Yaran da suka karɓi allurar rigakafin Penta ta farko ba su dawo ta biyu da ta uku ba, na rubuta sunayensu unguwa-unguwa na ba masu bi gida-gida da ke rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, tun da dama suna shiga kowane gida duk wata.

Sai maganar Iya unguwarzoma. Ba ta cikin ma'aikata, ba ta da ko sisi a takardar albashi, amma rabin matan da suka haihu a hannuna ita ta rako su. Da farko ba ta ko amsa gaisuwata, tana ganin na zo ƙwace mata sana'a. Sai da na yi watanni ina zuwa gaishe ta har gida, ina tambayarta abin da ta sani, sannan ta saki jiki. Ita ce ta sa aka daina gasa cibiya da tsumma a unguwarsu aka koma shafa maganin da muke bayarwa. Don Allah duk wadda za ta zo, a ce mata ta fara zuwa gaishe da Iya kafin ta buɗe rajista, kuma ta bar ta ta shiga ɗakin haihuwa ta riƙe hannun mai naƙuda kamar yadda muka saba.

Ina godiya gare ka bisa amanar da aka ba ni tun ina sabuwar fita daga makaranta. Ina godiya ga Shugaban Asibiti, wanda ya koya mini neman jijiyar yaron da gudawa ta tsotse, kuma bai taɓa yi mini faɗa a gaban majinyaci ba. Haka abokan aikina, da dagaci da kwamitin ci gaban mazaɓa waɗanda suka gyara mini ɗakin kwana da kuɗin aljihunsu, da matan garin da ba su taɓa bari na yi sahur ni kaɗai ba. Zaman tare ba ya rasa saɓani, ga gajiya ga ƙarancin barci. Duk wanda na ɓata wa rai, da sani ko da kuskure, ina roƙon ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa.

Ba zan yi alkawarin da ba ni da iko a kansa ba, shekara huɗu sai wanda ya gani. Amma niyyata ita ce in dawo in yi aiki a wannan ƙaramar hukuma, kuma ina roƙon a ba ni izini in riƙa zuwa ina taimakawa ranar awo a lokutan hutun makaranta, ba tare da an biya ni ba, tun da lasisina na Hukumar Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya yana nan da ransa. Haka kuma ina roƙon a ba ni takardar amincewa da ajiye aikin nan, da takardar shaidar shekarun da na yi, kafin ƙarshen Agusta, domin zan buƙace su wajen rajista. Makullan ɗakin haihuwa da na kabad ɗin magani zan miƙa su hannun Shugaban Asibiti da safiyar Litinin, 1 ga Satumba, bayan na sauka daga aikin daren ƙarshe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon wannan amana.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Ma'aikaciyar Jinya mai kula da Ɗakin Awo da Haihuwa.