Jawabina a walimar gama karatun Abba

Assalamu alaikum. Baba, Umma, iyayenmu da ke wajen nan, yayye da ƙanne, ƴan ajin su Abba da na ga sun kama teburin da ya fi kusa da kulolin abinci, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri, Allah ya ba da ladan zumunci.

An ce min minti biyar aka ba ni, to ni tela ne, kowa a nan ya san yadda minti biyar ɗin tela yake, don haka duk wanda yake da ɗinki a wajena ya yi haƙuri ya saurara kawai, ba yau za mu yi maganar ba.

Ni da Abba tun firamare muke tare a Tudun Wada, layinmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya, bulala ma yawanci tare muke sha duk da dai shi ke jawo mana. Kuma ina so in faɗa wa jama'a gaskiya yau tunda iyaye na zaune, wannan bawan Allah da kuke gani cikin babbar riga yana ta sunkuyar da kai kamar ba ya magana, babu wani abu mai waya ko batir a gidan Baba da bai kwance ba. Rediyon Baba na jin labaran safe, tocilan ɗin Umma, agogon bango, har dutsen gugan Yaya ana saura kwana kaɗan bikinta. Baba yana nan, ga shi yana dariya yanzu, amma wallahi a lokacin ba dariya yake ba. Abun da ya cece shi kawai shi ne yawanci yakan mayar da su su yi aiki, sai dai kullum za ka ga an samu ragowar noti biyu ko uku a kan tabarma, in ka tambaye shi ya ce ai kamfanin ne suka saka da yawa.

Daga nan ne Baba ya gaji ya ce tunda abun nan ya zame maka jiki, je ka inda ake yin sa da gaske, ya kai shi Panteka wajen wani ubangidansa mai naɗin koyil. Wanda bai san Panteka ba, to nan ne wajen da za ka kai hoton inji a waya a ƙera maka shi, ƙarar guduma da walda tun safe har magariba. Abba in an tashi daga makaranta can yake wucewa, ya dawo gida hannu baƙi ƙirin, Umma na faɗa a kan sabulu. Kuma abun mamaki Foli, wato Kaduna Polytechnic, tana nan kusa, kullum sai ya wuce ta bakin get, yana kallon ɗalibai da jakunkunansu, wata rana ya ce min, ni fa sai na shiga nan na ji dalilin da ya sa abun da muke yi yake yi, don ogana ya iya amma in na tambaye shi me ya sa sai ya ce haka ake yi. Ni kuma na ce masa to Allah ya taimaka, mu je mu sayi awara.

Ya shiga kuwa. Shekara biyu na ND, a tsakiya korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu kowa ya zauna a gida, ya fita shekara ɗaya ta koyon aiki, ya dawo ya ƙara biyu na HND a fannin lantarki, ban da yajin aiki da ke shigowa ba sallama. Lissafin takarda shekara biyar ne, lissafin ƙasarmu kuma kowa ya san ya fi haka. Makarantar nan ta girmi kusan duk wanda ke ɗakin nan, tun 1956 aka kafa ta a matsayin makarantar koyon fasaha kafin ta zama Foli a 1968, ta yaye mutane ba iyaka, amma ina da tabbacin ba ta taɓa yaye wanda ya ci bashin katin waya a wajena kamar wannan ba.

Ƴan ajinsu za su ba ni shaida a kan furojet. Inbata ya haɗa, wacce za ta ɗauki wutar batir mai bolt 12 ta mayar da ita 220 irin ta gida, har da wajen jona sola. Ya yi min bayani ya fi a ƙirga, wai batir wutarsa a miƙe take tafiya, ta gida kuma kai da komowa take yi sau 50 a daƙiƙa ɗaya, aikin inbata shi ne ta koya wa ta batir wannan kai da komowar sannan taransifoma ta ɗaga ta. Kun ga na riƙe, Injiniya, ba a banza na yi ta gyangyaɗi ba. To ni nawa aikin a furojet ɗin shi ne ɗaukar batir. Duk wanda ya taɓa ɗaga batirin sola ya san me nake nufi, mai Keke Napep ya kalle mu ya kalli batir ya ce sai dai a biya masa kuɗin mutum ɗaya, Abba ya tsaya yana ciniki wai ai batirin ɗalibi ne a yi masa ragi. Daren da za a wayi gari ya kare furojet ɗin a gaban malamai muka jona a shagona don gwaji na ƙarshe, sai ji muka yi fat, ga hayaƙi, ga warin roba, ni har na kai bakin ƙofa da takalmi ɗaya. Shi ko gezau, ya sunkuya ya shinshina allon, ya sa yatsa a kan wani ɗan abu mai ƙafa uku ya ce wannan ne ya tafi, miƙo min dalma. Kafin asuba ƙwan shagona na ci da wutar inbatarsa, fanka na juyawa. Ban san makin da suka ba shi ba don har yau ya ƙi faɗa min, amma ya fito yana murmushi har kunne.

Yanzu bari in faɗi wadda ta sa na yarda na tsaya a nan, don ni ba mutumin lasifika ba ne. Wata shekara ana saura kwana uku ƙaramar sallah, shagona cike da kayan mutane, shadda da yadi har saman tebur, motar keken ɗinkina ta ƙone. Duk tela ya san wannan ba ƙaramar masifa ba ce, kuɗin mutane na hannunka ka riga ka kashe rabi a zare da sitif, sabuwar mota kuma ba ni da kuɗinta, masu gyara duk sun ce sai bayan sallah. Ban ma kira shi ba saboda na san yana da gwaji washegari da safe, ƙanina ne ya je ya faɗa masa. Bayan an sha ruwa sai ga shi da ledar kayan aiki da handawut ɗinsa a hammata. Ya kwance motar, ya warware tsohuwar wayar da ta ƙone yana ƙirga zagayen da bakinsa yana rubutawa a bayan kwalin ashana, ya naɗa sabuwa da hannu, in hannunsa ya gaji ya ɗauki handawut ya karanta shafi ɗaya ya ajiye ya ci gaba. Ni ina riƙe masa tocilan. Sai wajen sahur keken ya tashi. Na ɗauko kuɗi zan ba shi ko na wayar da ya saya, ya kalle ni ya ce in ka ƙara nuna min kuɗin nan zan kwance abun in tafi da shi. Daga shagona ya wuce gida ya yi wanka ya tafi makaranta ba barci.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, in na ce duk wanda Abba ya taɓa gyara wa fanka ko soket ko caja kyauta ya ɗaga hannu, rabin ɗakin nan zai ɗaga, ga Inna can ta riga ta ɗaga tun ban gama ba. Fankar masallacin layinmu da ta yi wata tana juyi kamar mai jin barci, ana ta cewa a yi karo-karo a sayi sabuwa, shi ya hau benci ya canza kafasita kawai ta dawo daidai. Ni a ganina takardar nan da aka ba shi ta zo ne ta tarar da shi yana aikin tuntuni, mu a unguwa mun daɗe da sanin injiniya ne, yanzu ne dai gwamnati ta samu labari.

Baba, Umma, wannan ranar taku ce kafin ta zama tasa. Baba ya yi shekaru a masaƙa a Kakuri, da masaƙun suka durƙushe mutane da yawa suka rasa abun yi, bai zauna ba, ya koma kasuwa ya fara daga farko da ƙaramin tebur. Umma kuma mun san adashin da aka riƙa kwasa lokacin rijista, mun san tunkiyar da aka ce wai ta cika kuka ne shi ya sa aka sayar. Ba ku taɓa faɗa ba, amma muna gani. Allah ya saka muku da gidan aljanna, Allah ya ba ku tsawon rai da lafiya ku ci moriyar wahalarku.

Mutumina, saura bautar ƙasa. Sati uku a sansani, za a tashe ka da bigila tun kafin asuba, kai da sai an yi maka kira uku a waya kake tashi, ina tausaya wa sojan da za a haɗa ku. Na ji alawi ya kai naira dubu 77 yanzu, to ina tuna maka a gaban shaidu cewa littafin bashi yana nan a durowar shago, ban yage ko shafi ɗaya ba. Kakin da za su ba ka kuma na san ba zai zauna maka ba, ba ya zama wa kowa, ka kawo in rage maka, wannan kyauta ne, kuma na yi alkawari a gaban Baba zan gama kafin ka gama bautar ƙasar. Maganar aure ban ce komai ba, Umma ce ta ce in ɗan taɓo, to na taɓo, wadda ake magana a kai ma ta san kanta, ba zan kalli ɓangaren hagu ba.

Jama'a kowa ya ɗauki abun da ke gabansa, mai zoɓo da mai kunun aya da mai lemon kwalba, masu ruwan leda ma ba a bar ku a baya ba, a ɗaga sama. Injiniya Abba, Allah ya sanya albarka a wannan karatu, Allah ya ba ka aiki na halal mai albarka ko ya buɗa maka naka kamfanin ka ɗauki yaran layinmu, Allah ya tsare ka daga sharrin wuta da sharrin mutane, ya kai ka bautar ƙasa lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Ƴan ajinku duka Allah ya ba kowa rabonsa. Amin summa amin.

A sha lafiya. Yaya, a buɗe kulolin nan don Allah, teburin can sun fara kallona.