Abin da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ƙunsa, a taƙaice

Daga kwamitin bibiyar ayyuka na ƙungiyar ci gaban unguwa, fitowar Disamba 2024

A watan Nuwamban da ya wuce ne rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, Shaakaa Chira, kan yadda ma'aikatu da hukumomi suka saɓa ƙa'idar kashe kuɗi ya fito fili. Lissafin 2021 ne, wato sai da aka yi kusan shekara uku kafin mu gan shi. Wanda ya sa hannu a takardar biyan kuɗin ƙila ya yi ritaya, ƙila an ɗauke shi zuwa wata ma'aikatar. Duk da haka mun ga ya dace mu tsakuro muku abin da ya shafe mu.

Mafi nauyi shi ne kuɗin da aka biya 'yan kwangila alhali ba a yi aikin ba, ko an fara an watsar. Hukumomi 31 ne abin ya shafa, kuɗin kuma ya haura naira biliyan 167. Daga ciki, biliyan 100 na wuyan kamfanin gwamnati mai dillancin wutar lantarki, NBET, shi kaɗai. Ƙa'idar a nan ba ta da wuyar fahimta: ba a biya sai an ga aiki. Ko mai ginin ɗaki ba ya sallamar birkila kafin ya ga katanga ta tashi. Akwai kuma kimanin biliyan 20 na kwangilolin da aka bayar ba tare da bin matakan da doka ta gindaya ba, da wasu biliyan 7 da 'yan kai da aka samu tangarɗa wajen bayar da su. A wannan rukuni na ƙarshe hukumar samar da lantarki a karkara ce kan gaba, da sama da biliyan 2.

Inda abin ya zo ƙofar gidanmu shi ne ma'aikatar jinƙai. Rahoton ya nemi bayani kan sama da biliyan 54 na alawus ɗin 'yan N-Power rukunin C, daga Agusta zuwa Disamban 2021, waɗanda ya ce ba a tura su kai tsaye ga masu su ba. Da yawanmu mun tuna samarinmu a lokacin, kowa waya a hannu, da ta yi ƙara ya zabura ko dubu talatin ɗin ce ta shigo, sai ya tarar saƙon talla ne. Haka nan akwai fiye da biliyan 2 da rabi da aka ce an biya 'yan kwangila don rabon kayan abincin tallafin korona a Kano da Zamfara da Abiya, mai binciken kuma bai ga shaidar an yi rabon ba.

Sai batun kuɗin da ba a kashe ba, wanda mutane ke yawan yi wa gurguwar fahimta. Wasu na ɗaukarsa tattali ne. Idan an ware kuɗin gyaran asibiti shekara ta ƙare ba a taɓa su ba, asibitin yana nan da rufinsa mai yoyo, kuɗin kuma ba na hukumar ba ne ta riƙe: doka ta ce a mayar da su baitulmalin tarayya, sai dai in Majalisa ta tsawaita wa'adin kasafin, kamar yadda ta yi wa ayyukan 2021 zuwa cikin 2022. Abin da mai bincike ke nema shi ne rasiɗin mayarwa. In babu shi, babu kuma aiki a ƙasa, to kuɗin suna ina?

A yi hattara da kalma. "Biyan da ya saɓa ƙa'ida" ba lallai yana nufin sata ba. Wani lokaci aikin an yi, takardun ne ba a kawo ba. Mai binciken ba alƙali ba ne, ba ya kama kowa. Sashe na 85 na tsarin mulki ya ce ya miƙa rahotonsa ga Majalisar Tarayya, kwamitocin asusun jama'a su duba shi; su ne kuma ke kiran shugabannin hukumomi su kare kansu. A ganin kwamitinmu, hukumar da ta kasa fito da takardar biliyan guda bayan shekara uku, ita ce ke da aikin wanke kanta.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna a harabar firamare. Duk ɗan N-Power da ke bin bashin waɗancan watanni ya zo da bayanan asusunsa na banki. Wanda kuma ya san wani aikin gwamnatin tarayya da aka kafa wa allo aka tafi, kamar rijiyar burtsatsen nan ta bayan makarantar da tankinta bai taɓa ganin ruwa ba, ya ɗauko hoton allon yadda sunan hukumar da shekarar za su fito sosai. Da su za mu rubuta wa ɗan majalisarmu na tarayya, mu kuma nemi takardun kwangilar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.