Sanarwar kuɗin wata-wata: fassarar Hausa

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne na gida da na waje. Sakataren ƙungiyarmu ya fitar da sanarwa jiya da Faransanci, mutanenmu na Kano da Jidda suka ce ba su tsinci komai ba sai lambobi. Shugaba ya ce in juya ta zuwa Hausa. Ga ta nan. Inda na sa baki na faɗa.

Taron da aka yi a Garwa, a gidan Alhaji Shugaba, ya tsayar da cewa daga watan Janairu kuɗin wata-wata ya tashi daga sefa 1,500 zuwa sefa 2,000 a kan kowane mutum. Miji da mata kowa da nasa. Ɗalibai da matan da ke takaba an ɗauke musu. A cikin 2,000 ɗin, 1,500 za su shiga asusun taimako, na rasuwa da jinya da gobara, 500 kuma na hidimar ƙungiya.

A nan zan tsaya, domin a kan lambar nan ake yin tuntuɓe. Sefa 2,000 ita ce dala 400 a lissafin kasuwa, tunda dala ɗaya sefa 5 ce. Ita ce kuma jaka biyu a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram. 'Yan'uwa na Najeriya, ku yi hattara, jakarku naira 200 ce, ba ita ake nufi ba. Na Injamena da Kusiri da suka saba ƙirga riyal da Larabcin Cadi, riyal 400 ke nan, amma Hajiyoyinmu na Makka kada ku ji riyal hankalinku ya tashi, ba na Saudiyya ba ne. Bara haka wata Inna ta aiko da ɗari biyar, tana nufin dala, ma'aji ya rubuta sefa 500, aka yi wata uku ana binta bashin da ba ta ci ba. Don haka duk mai aiko kuɗi ya rubuta adadin da lamba, ya sa sefa a gabansa.

Sanarwar ta ce a biya kafin 10 ga kowane wata. Wanda ya wuce ranar, tararsa sefa 200. Wanda ya yi wata uku a jere bai biya ba, bai kuma sanar da ma'aji uzurinsa ba, asusun taimako ba zai fitar masa da komai ba sai ya cike giɓin.

Yadda za a biya. Na cikin Kamaru, daga Marwa har Duwala, su tura ta Orange Money ko MTN MoMo zuwa lambar ma'aji da ke manne a saman zauren nan, kuɗin turawa a kan mai turawa. Na Cadi su ba wakilinsu na Injamena ta Airtel Money ko Moov Money, shi zai haye gadar Ngeli ya miƙa a Kusiri. Na Gabon kuɗinmu ɗaya ne, babu canji. Na Nijar, sefarku da tamu darajarsu ɗaya, sai dai takardar kuɗinku ba ta tafiya a kasuwar Garwa, kada a ba direba ita a ambulan. A tara wa wakili ya turo gaba ɗaya. Na Turai, yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kuma ba ya motsi, saboda haka shekara guda, sefa 24,000, ta kama yuro 37 in an cike. An yarda su biya a dunƙule. Naira da riyal na Saudiyya kuwa ba a yanke musu adadi ba: wakili zai faɗi canjin ranar 1 ga wata, a kansa za a biya har watan ya ƙare.

Ƙarin bayani daga gare ni: kalmar da sakatare ya rubuta kotizasiyon ce, ba tontin ba. Wato wannan ba adashi ba ne, babu ranar da wani zai ce kwasarsa ta zo. Na ga mutum biyu sun riga sun tambaya.

Wanda ya biya ya aika wa ma'aji hoton rasit shi kaɗai, kada a zuba a zaure. Za a karanta lissafi Lahadin farko na kowane wata da ƙarfe 8 na dare agogon Garwa, daidai da na Kano, Yamai da Injamena. A Jidda ƙarfe 10 ke nan.

Iyayenmu da ba sa karatun boko, zan karanta musu da murya bayan Isha'i. In akwai inda Hausata ta saɓa da takardar sakatare, tasa ce hujja, a nuna mini in gyara. Allah ya bar zumunci.